Abin da aikin shagon gem ya koya mini game da wanke PS4 kafin a miƙa ta

A shagon da nake aiki a Gusau, saye da sayar da tsofaffin na'urorin gem ya fi gyara yawa, kuma mafi yawan abin da ke shiga hannunmu PS4 ce. Tun da PS5 ta fito a ƙarshen 2020, masu hali suke ta sakin tsofaffin nasu, masu gidajen gem kuma suna kwashewa. Abin da na fahimta a wannan aiki shi ne, mai sayarwa yakan ɗauka duk abin da ya mallaka yana cikin akwatin nan da ya ɗauko a leda. Alhali rabi ne kawai a ciki. Ɗaya rabin yana can rubuce a wajen Sony, cikin asusunsa, kuma goge na'urar ba lallai ya taɓa wancan rabin ba. Shi ya sa a wajenmu ake fara raba asusu da na'ura tana kan intanet, sannan a wanke ta, wato a goge duk abin da ke cikinta. In aka juya tsarin, wahalar mai sayarwa ce.

Dalilin kuwa shi ne, kowane asusu yana da damar naɗa PS4 guda ɗaya tak a matsayin babbar na'urarsa. Wannan naɗin ne ke sa duk wanda ya kunna na'urar ya iya buga wasannin da mai asusun ya saya, ko da babu intanet. Fita daga asusu ba ya warware naɗin. In kuma aka wanke na'urar babu intanet, Sony ba ta da labari, za ta ci gaba da lissafa ta a matsayin taka. Ranar da ka sayi wata PS4 ka zo naɗa ta, tana iya ce maka akwai wata a gurbin, ita kuma waccan ta riga ta yi Talata Mafara ko Sakkwato. Akwai hanyar ceto ta shafin asusun PlayStation, inda za ka shiga Device Management ka danna Deactivate All Devices, amma sau ɗaya ake yarda ka yi hakan cikin wata 6. Abu ne da ya kamata a adana don ranar da aka sace na'ura ko ta mutu, bai kamata a ƙone shi kan ciniki da aka yi ido na ganin ido ba.

Wani ciniki da ya bi ta hannuna ya tara kusan duk matsalolin wuri guda. Wani matashi daga Tudun Wada ya kawo PS4 Slim, mai saye kuma dattijo ne da ke da gidan gem a Ƙauran Namoda. Sun riga sun daidaita kan kuɗi kafin su iso, kuma an yi farashin ne a kan cewa na'urar cike take da wasanni. Da na kunna sai na ga sunaye uku. Ɗaya na matashin ne, ɗaya na ƙanensa wanda ba a haɗa da wani asusu ba, na ukun kuma wasu haruffa ne da lambobi. Na tambaye shi na wane ne, ya ce mutumin da ya zuba masa wasanni ne ya buɗe shi, ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa shiga ciki.

Kafin in taɓa komai na sa mai saye ya gwada kayansa. Ya buga ƙwallo na ɗan lokaci don a ji kukan fanka, ya gwada fad biyu, aka sa faifai aka fitar. Gwaji kafin wanki ake yinsa, domin bayan wanki babu wasan da za a gwada da shi sai in an zo da faifai. Daga nan na karɓi filash daga hannun matashin na kwashe masa ajiyar wasanninsa, wato inda ya tsaya a kowane wasa. Hanyar ita ce Settings, sai Application Saved Data Management, sai Saved Data in System Storage, sai Copy to USB Storage Device. Dole filash ɗin ya kasance FAT32 ko exFAT, in ba haka ba na'urar ba za ta karɓe shi ba. Ana yin wannan ne daga cikin sunan kowane mutum daban, kuma ajiyar tana bin asusun da ya yi ta, ba ta buɗuwa a asusun wani. Hotuna da bidiyon ƙwallayen da ya ci kuma suna Capture Gallery, su ma muka juye.

Sai babban aikin. Na haɗa na'urar da intanet ɗin wayata, ta nemi sabunta manhaja kafin ta bari a shiga asusu, wanda dama haka take yi in ta daɗe ba ta hau ba, don haka a tanadi data. Matashin ya shiga sunansa, muka bi wannan hanya:

```
Settings > Account Management > Activate as Your Primary PS4 > Deactivate
```

Ana gane ya yi ne in aka koma wannan shafi aka ga Deactivate ya dushe, Activate ne kaɗai ke dannuwa. Akwai wata shaidar da na fi so, domin kowa na iya ganinta da idonsa. Na fita na shiga sunan ƙanen, sai ga ɗan kwaɗo ya bayyana a jikin wasanni biyu. Su ne waɗanda matashin ya saya da kuɗinsa. Sauran wasannin da suka rage a buɗe, duk na asusun mai zuba wasanni ne.

A nan dattijon ya gyara zama. Ya ce, "Yaro, to in ka wanke ta, me zai rage mini?" Na ce, "Baba, akwatin da fad biyu da wayoyinsu, sai faifan da ya haɗa maka. Duk wasan da aka sauko da shi daga intanet na mai asusu ne, ba ya bin na'ura." Ya ce to a bar ta haka nan kada a wanke. Wannan roƙon ina yawan jin sa, kuma na fahimci mai yinsa, kuɗinsa ya sa. Amma ba na goyon baya. Wasannin da ke rataye da asusun wani kamar zaman haya ne, ranar da mai gida ya so zai karɓi makullinsa. Mai asusun yana iya danna Deactivate All Devices daga inda yake, da zarar na'urar ta hau intanet kwaɗo ya rufe komai, kuma dattijon bai san shi ba balle ya bi shi. Ta ɓangaren matashin kuma, barin sunansa a gidan gem yana nufin duk yaron da ya riƙe fad zai iya shiga saƙonninsa, ya yi zagi da sunansa har a rufe masa asusu, ko ya kashe kuɗin da ke ciki. Na gaya musu su sake farashi a kan gaskiyar abin da zai rage. Suka ɗan ja, aka rage wani abu, aka shirya.

Asusun na ukun bai ba mu damar warware shi ba, yana neman kalmar sirri da babu wanda ya sani a cikinmu. Matashin ya kira mai shi ya shaida masa an sayar da na'urar, don ya san gurbinsa na nan maƙale, ya warware daga wajensa. Iyakar abin da za a iya yi ke nan. Wannan matsalar ta kalmar sirri ta fi kowace yawa a garin nan, har ga masu asusun kansu. Da yake babu Nijeriya a jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, yawanci mai shago ne ke buɗe wa mutum da adireshin Amurka ko Ingila, wani lokaci da imel ɗin da mai na'urar bai taɓa gani ba. Shekara da shekaru yana shiga kai tsaye, bai taɓa buƙatar kalmar sirri ba. Ranar da aka wanke na'urar, ranar ya rabu da asusunsa da duk abin da ya saya. Saboda haka yanzu ba na danna wanki sai mai na'ura ya shiga asusunsa ta wayarsa a gabana, na ga imel da kalmar sirri suna hannunsa, layin da ake turo lambar tabbatarwa ma yana aiki.

Wankin kansa yana nan:

```
Settings > Initialization > Initialize PS4 > Full
```

A shafin akwai Restore Default Settings, wanda mutane ke dannawa su ɗauka sun gama. Saituna kawai yake mayarwa yadda suke da farko, sunaye da wasanni da ajiya duk suna nan. Cikin Initialize PS4 kuma zaɓi biyu ne. Quick yana gamawa da wuri, amma mai kayan aiki zai iya tono wasu bayanan daga rumbun ajiyar. Full yana bin rumbun gaba ɗaya, yana cin awoyi. In na'ura za ta hannun wanda ba ka sani ba, Full ya dace.

Sai dai awoyin nan su ne haɗari a wajenmu, saboda wuta. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, manhajar na iya lalacewa, na'urar ta tashi tana neman a sa mata filash mai ɗauke da fayil ɗin sake girkawa. Gyaran yana yiwuwa: a kashe ta, a riƙe maɓallin kunnawa har ta yi ƙara na biyu, wajen daƙiƙa 7, a haɗa fad da waya, a zaɓi Initialize PS4 (Reinstall System Software), filash ɗin kuma yana da PS4UPDATE.PUP cikin jakar UPDATE da ke cikin jakar PS4. Amma babban fayil ne, ga data ga ɓata lokaci. Mu kan batirin sola muke jona ta, da hantsi, lokacin da rana ke da ƙarfi. Ranar dattijon ya tafi kasuwa ya yi sayayyarsa, bayan la'asar ya dawo ya tarar an gama.

Kafin in danna na fitar da faifan da ke ciki, na kuma tuna wa matashin cewa wanki ba ya tsayar da biyan PlayStation Plus, wato rajistar da ake biya don yin wasa da wasu ta intanet. Rajistar tana jikin asusu, in bai kashe sabuntawar da kansa ba za a ci gaba da cirar kuɗi ko ba shi da na'ura. Da na'urar ta tashi ta nuna allon da ke cewa a haɗa fad da waya a danna maɓallin PS, sai na tsaya a nan na kashe ta. Dattijon ya ce zai sa ɗansa ya buɗe masa asusu, na ce ya tabbata da imel ɗinsa da layinsa aka buɗe, ya kuma rubuta kalmar sirrin a littafin da yake lissafin shago.