Haruffa uku, takardu biyu

Aikin duba takardun kwangila ya koya mini in tsaya cak a duk inda na ga manyan haruffa a jere babu bayani. Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce daftarin yarjejeniya tsakanin wata hukumar gwamnatin tarayya da kamfanin da zai kafa mata wutar sola. Sashen biyan kuɗi cewa kawai ya yi za a biya "bisa tanadin PPA".

Ma'aikacin sashen ba da kwangila idan ya ga PPA, abin da ya sani shi ne Public Procurement Act 2007, dokar sayayya da kwangilolin gwamnatin tarayya. Injiniyan lantarki kuwa Power Purchase Agreement ya sani, wato yarjejeniyar sayen wuta, wadda ke ƙayyade farashin kowane yunit da ranar biya. Dukansu biyun suna da gurbi a wannan aiki, abin da ya sa hatsarin ya yi girma ke nan. Kowane ɓangare ya karanta, ya gane abinsa, babu wanda ya ga dalilin tambaya.

Bambancin kuma kuɗi ne tsaba. Dokar 2007, yadda aka fara yin ta, ta ce kuɗin somin aiki kada ya wuce kashi 15 cikin 100. A aikin naira miliyan 200, miliyan 30 ke nan kafin a kafa ko ƙarfe ɗaya. Idan kuwa yarjejeniyar sayen wuta ake nufi, a bisa al'ada kamfani ne zai zuba jarinsa, sai wuta ta fara zuwa ya riƙa karɓar kuɗinsa wata-wata. Idan magana ta kai kotu, alƙali kan fassara kalma mai harshen damo ta yadda ba za ta yi wa wanda ya tsara takardar daɗi ba.

Yanzu inda abu ya fara fitowa, nan nake rubuta cikakken sunansa, gajeren ya biyo baya nan take, kuma ba na sake masa suna har ƙarshe. Idan doka ce, sai da shekararta, tare da faɗin ko har da gyare-gyarenta ake nufi, domin ita kanta wannan dokar an yi mata gyara daga baya. Abu biyu kuma ba sa raba gajeren suna ɗaya a takardata. A waccan yarjejeniyar mun cire haruffan gaba ɗaya, ɗaya ta zama "Dokar", ɗayar "Yarjejeniyar Wuta".

Inda aka fi yin sake shi ne rataye-rataye na bayan takarda, domin injiniyoyi da akantoci ne ke rubuta su, kowa da haruffan sana'arsa. Sau da yawa ma akan ciro rataye ɗaya a tura wa banki shi kaɗai. Shi ya sa nake maimaita cikakken sunan a farkon kowanne, ko da an riga an bayyana shi a shafi na ɗaya.