Lamba uku da na samu a kan ƙona etanol

'Yan'uwa masu koyo, assalamu alaikum. Mako biyu ke nan ina kan lissafin zafin da etanol ke fitarwa idan ya ƙone, kuma a littafin rubutuna yanzu akwai lamba uku da ba su yi kama da juna ba. Lissafin ɗauri ya ba ni −1276, teburin da ke bayan littafin kimiyya ya ce −1367, gwajin da na yi da hannuna a gida kuma ya tsaya a −734, dukansu da kilojul a kan kowane mol. Da farko na ɗauka biyu daga cikinsu kuskure ne. Ga yadda na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da takarda. Abin da nake kira ɗauri shi ne abin da ke riƙe atom biyu a cikin molekul. Tsinke shi yana cin makamashi, ƙulla shi yana fitar da makamashi, don haka canjin entalfi, wato ΔH, shi ne jimillar abin da aka kashe wajen tsinkewa a debe jimillar abin da aka samu wajen ƙullawa. Ƙonewar ita ce:

C₂H₅OH + 3O₂ → 2CO₂ + 3H₂O

Shawarata ita ce ku zana molekul ɗin gaba ɗaya kafin ku taɓa kalkuleta. Ranar farko ban zana ba, sai na ƙirga C–H guda shida, alhali biyar ne, domin haidirojin na shida yana maƙale da oksijin. Da na zana sai ƙirgen ya fito: C–H biyar a kan 413 kowanne, C–C ɗaya 347, C–O ɗaya 358, O–H ɗaya 464, sai O=O uku a kan 498. Jimilla 4728. A ɓangaren abin da aka ƙulla akwai C=O guda huɗu, tunda kowane CO₂ yana da biyu, da O–H guda shida daga ruwa.

A nan na yi tuntuɓe na biyu, kuma shi ne ya fi koya mini abu. Teburina yana da lamba biyu na C=O. Akwai 745, wadda matsakaici ce da aka tattaro daga sinadarai iri-iri masu wannan ɗauri, akwai kuma 805 wadda ta CO₂ ce kaɗai. Na ɗauki ta farko don ita ce a sama, sai amsa ta fito −1036. Da na koma ga 805, C=O huɗu suka ba da 3220, O–H shida suka ba da 2784, jimilla 6004.

ΔH = 4728 − 6004 = −1276 kJ/mol

Zaɓen layi ɗaya a tebur ya motsa amsar da kilojul 240. Ɗaurin C=O a cikin CO₂ ya fi ƙarfin wanda ke cikin sauran sinadarai, kuma da yake duk wata cikakkiyar ƙonewar man da ke da kabon tana ƙarewa a CO₂, wanda ya ɗauki matsakaicin zai riƙa samun gibi a kowane lissafi, gibin kuma yana ƙaruwa da yawan kabon ɗin man.

To saura 91 tsakanin −1276 da −1367. Na yi kwana biyu ina sake tara lambobin ko na yi kuskure, ban samu ba. Abin yana cikin ƙananan haruffan da ake rubutawa a gefen kowane sinadari don nuna ko gas ne ko ruwa-ruwa, waɗanda na saba tsallakewa. Duk lambobin ɗauri na iskar gas ne. Ana auna su a kan molekul da ke yawo shi kaɗai, ba ruwansa da maƙwabta. Ita kuwa −1367 ta etanol ce yana ruwa-ruwa, kuma ruwan da ya fito an bar shi ya huce ya koma ruwa. A cikin abu mai ruwa-ruwa molekul suna jan juna, musamman ruwa da etanol masu O–H, kuma teburin ɗauri bai san da wannan jan ba sam.

Sai na saka shi da hannu. Mol ɗaya na tururi idan ya koma ruwa a digiri 25 yana sakin kimanin kilojul 44. Muna da mol uku, ke nan 132 sun ƙaru a kan zafin da ke fita. Amma kafin etanol ya zama gas sai ya ci kimanin 42, wannan kuma ragi ne. Idan aka haɗa, −1276 − 132 + 42 ya ba da −1366. Tsakaninsa da na littafi kilojul ɗaya tak.

Na yi murna ƙwarai a daren, amma washegari na gwada hanyar a kan metan, CH₄, don in ga ko haka take yi kullum. Tsinkewa 2648, ƙullawa 3466, amsa −818. Abin da aka auna idan ruwan ya fita a tururi kusan −802 ne. Gibin 16 ke nan, kuma babu wani sauyin yanayi da zan ɗora wa laifi, komai gas ne. Ashe dacewar da na samu a etanol akwai sa'a a ciki: wasu lambobin sun ɗan haura, wasu sun ɗan gaza, suka cinye juna.

Dalilin yana cikin kalmar matsakaici. Ku ɗauki ruwa kansa. Cire haidirojin na farko daga H₂O yana cin kusan 498, cire na biyu daga abin da ya rage yana cin kusan 428. Ɗauri iri ɗaya a molekul ɗaya, amma ƙarfinsu ya bambanta da saba'in, lambar da ke tebur kuma tsakiyarsu ce. Haka metan: haidirojin na farko kusan 439, na ƙarshe kusan 338. Ƙarfin ɗauri ya dogara da abin da ke kewaye da shi. Misalin da ya fi zauna mini a kai shi ne na butan da aisobutan, waɗanda ake samu a gas ɗin girki. Dukansu C₄H₁₀ ne, C–C uku da C–H goma, don haka lissafin ɗauri zai ba su amsa ɗaya daidai. A aune kuwa zafin ƙonewarsu ya bambanta da kimanin kilojul 9, saboda ɗaya miƙaƙƙe ne ɗaya mai reshe. Akwai kuma wani abu da ke ƙara girman kuskuren: muna debe babbar lamba daga babbar lamba. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a kan 6004 kilojul sittin ne, sittin ɗin nan kuma a kan amsar 1276 ya kusa kashi biyar.

Yanzu ga gwajin. Na yi 'yar fitila irin aci-bal-bal da ƙaramar kwalba mai murfin ƙarfe da lagwanin auduga, na samo etanol na ɗakin gwaji, na aro ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Tukunyata gwangwanin madara ne da na rataye da waya, da ruwa giram 200 a ciki. Wanda zai gwada ya kula, harshen wutar etanol shuɗi ne mai haske kaɗan, da rana ba a ganinsa sosai, kada a ƙara mai sai an tabbatar ta mutu ta huce, kuma a ajiye kwalbar man nesa.

Karo na farko na yi shi da yamma, iska tana ɗan kaɗawa, gwangwanin a buɗe. Etanol giram 1.50 ya ƙone, ruwan ya tashi daga digiri 28 zuwa 50. Kowane giram na ruwa yana shan jul 4.18 a kowane digiri, don haka zafin da ruwan ya sha shi ne:

q = 200 × 4.18 × 22 = 18392 J

Mol ɗaya na etanol giram 46 ne, don haka na ƙona mol 0.0326, amsa ta zama kusan −564. Ko rabin na littafi bai kai ba. Ina tsaye ina ganin harshen wutar yana karkata gefe, yana lasar iska maimakon gindin gwangwanin, hannuna da ke sama da shi kuma yana jin ɗumin da ya kamata ya shiga ruwa.

Karo na biyu na koma zaure inda iska ba ta shiga sosai amma ƙofa a buɗe, na kewaye fitilar da bulo uku, na yi wa gwangwanin murfin kwali mai huda don ma'aunin zafi, na rage tazarar da ke tsakanin lagwani da gindin, ina kuma juya ruwan a hankali. Giram 1.10 ya ƙone, zafi ya ƙaru da digiri 21, wato jul 17556 a kan mol 0.0239. Amsa −734.

Da na juya gwangwanin na shafa gindinsa, yatsana ya ɗauko ɗan baƙi. Wannan baƙin kabon ne da bai ƙone ba, kuma kowane mol na kabon da bai zama CO₂ ba ya tafi da kusan kilojul 394 da ban samu ba. Da alama na kusanto da gwangwanin fiye da kima, sanyin ƙarfen ya riƙa kashe bakin wutar. Alamarsa ita ce harshen ya fara yin rawaya a sama. Na kuma lissafa zafin da gwangwanin kansa ya sha: giram 40 na ƙarfe a kan kusan jul 0.45 ga kowane giram da kowane digiri, jul 378 ke nan, kashi biyu cikin ɗari kacal. Ba shi ne babban ɓarawon ba. Akwai kuma etanol da ke tashi daga lagwani mai zafi bayan an kashe wuta kafin a kai sikeli, wanda sikeli zai ƙirga kamar ya ƙone. Duk waɗannan ɓangare ɗaya suke ja, suna rage amsar. Shi ya sa maimaita gwajin sau goma a ɗauki matsakaici ba zai gyara komai ba.

Wani abu da na gane daga baya shi ne ko da gwangwanina bai zubar da zafi ko kaɗan ba, ba −1367 ya kamata in sa rai ba. A fitila, etanol yana farawa a ruwa-ruwa, amma ruwan da ƙonewar ta haifar yana tashi sama a tururi, da kilojul 132 ɗinsa. Abin da zan kwatanta da shi −1235 ne. A kan wannan ma'auni, na kama kusan kashi 59 cikin ɗari na zafin.

Lambar littafi daga kalorimitar bom take fitowa: tukunyar ƙarfe mai kauri a rufe ruf, cike da zallar oksijin mai matsi, an nutsar da ita cikin ruwa, ana kunna man da wayar lantarki. Ƙonewa tana cika, hayaƙi ba ya fita, tururi yana komawa ruwa a ciki. Kafin a auna komai ana ƙona asid ɗin benzoyik, wanda aka san zafinsa sarai, don a san yawan zafin da na'urar gaba ɗaya ke sha a kowane digiri. Da yake girman tukunyar ba ya canzawa, abin da take bayarwa ΔU ne, wato canjin makamashin ciki, sai an yi ɗan gyara kafin ya zama ΔH. A etanol mol uku na gas ne ke shiga, biyu ke fita, gyaran kusan kilojul 2.5 ne kawai.

Dabarar asid ɗin benzoyik ita zan ara a mako mai zuwa. Zan ɗauki etanol a matsayin sanannen mai, in riƙe kashi 59 ɗin nan, in ƙona metanol a fitila ɗaya, tazara ɗaya, ruwa giram 200, in tsaya a ƙarin digiri 21. Idan asarar ba ta canza ba, raba amsar da 0.59 ya kamata ya kawo ni kusa da −638, wato zafin metanol mai ruwa-ruwa idan ruwan ya fita a tururi. Wanda yake da sikeli mai kyau a cikinku ya gwada tare da ni, ya rubuta tazarar gwangwaninsa da launin wutarsa, mu haɗa lambobin mu gani.