Mako na uku: mayar da bidiyon kwance ya koma tsaye ba tare da an yanke mahayi ba

'Yan uwa masu koyon yankan bidiyo, aikin wannan makon a kan guntun bidiyo ne na daƙiƙa 10 da aka ɗauka ranar Sallah a unguwar Nima da ke Accra. Mahayi ne da rawani a kan doki, yana tafe daga hagu zuwa dama, jama'a sun cika bayansa. An ɗauke shi a kwance, faɗi 1920 tsayi 1080, ana kuma son ya koma tsaye, 1080 da 1920, don a ɗora shi a WhatsApp da TikTok.

Lissafi ya kamata a fara yi kafin a taɓa komai. Idan aka riƙe tsayin nan na 1080, faɗin da ya dace da 9:16 shi ne 1080 sau 9 a raba da 16, wato 607.5. Ana ɗaukar 608, domin H.264 da aka saba fitarwa da shi ba ya karɓar lambar da ba ta rabuwa biyu. Ke nan cikin 1920, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ku ɗauke shi kamar taga ce siririya da ake zamewa a kan hoton, tana da filin yawo na fiksel 1312. In aka bar ta a tsakiya, mahayin zai shigo ya fice cikin ɗan lokaci, sauran duk 'yan kallo ne da lemarsu.

Don haka dole taga ta bi shi. A farkon bidiyon fuskarsa tana wajen fiksel 460 daga hagu, a ƙarshe tana 1360. An fara gefen hagu na tagar daga 200, aka ƙare a 1100, tafiyar 900 ke nan cikin daƙiƙa 10, wato 90 kowace daƙiƙa. Mai aiki da ffmpeg zai rubuta:

```
ffmpeg -i doki.mp4 -vf "crop=608:1080:200+t*90:0,scale=1080:1920,setsar=1" tsaye.mp4
```

Ku lura, da gangan ba a sa shi daidai tsakiya ba. Tsakiyar taga 304 ne, shi kuwa yana 260, saboda a bar masa fili ta gabansa, inda ya dosa. Idan hancin doki yana dungurar bakin hoto, ran mai kallo ba ya kwanciya, ko da bai san dalili ba.

Sai dai doki ba agogo ba ne. A daƙiƙa ta 4 mahayin ya ja linzami, dokin ya yi turjiya, shi kuma mahayin ya ɗaga hannu yana jinjina, amma tagar ta ci gaba da tafiyarta ta bar shi a baya har kafaɗarsa ta fita. Nan ne CapCut ya fi sauƙi. A sa Ratio a 9:16, a buɗa hoton har ya cika allo sama da ƙasa, sannan a danna Keyframe, alamar nan mai kama da lu'ulu'u, a wuri huɗu kacal: farko, inda ya tsaya, inda ya sake tashi, da ƙarshe. Na biyu da na uku matsayinsu ɗaya ne, don taga ta tsaya cak tare da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dasa alama kowane rabin daƙiƙa ana bin kaɗawar kansa. Yadda za a gane an yi haka, a daina kallon mahayin a kalli ginin da ke bayansa: in yana fizga gaba da baya, alamomin sun yi yawa, a goge.

Akwai inda taga ba ta isa ko kaɗan. Doki a gicciye, daga hanci zuwa wutsiya, ya ci fiksel kusan 900, ba yadda za a yi ya shiga 608. Ko dai a zaɓi fuskar mahayi da kan doki a haƙura da gindi, ko a yanko 900 da 1080 a mayar da faɗinsa 1080. Tsayinsa zai zama 1296, sai a sami gurbin 312 sama da ƙasa, a cike shi da hoton da aka dusashe. A ganina na farkon ya fi kyau a wajen jinjina, na biyun kuma inda ake son adon sirdi da kayan doki su fito.

Abu biyu kafin a fitar. Hoton da aka miƙa daga 608 zuwa 1080 an kumbura shi kusan sau 1.78, shi ya sa aikin da ke jikin babbar riga yake ɗan dushewa, kuma ƙara zuƙowa lalata shi zai yi. Wanda ya ɗauka da 4K ya huta, domin tagarsa 1216 da 2160 ce, ragewa ma za a yi. Na biyu, TikTok yana jera maɓallansa a gefen dama, rubutu kuma a ƙasa, don haka a duba a waya ko sun hau kan dokin. A wannan bidiyon sun rufe masa ido a daƙiƙa biyun ƙarshe, sai da aka ƙara matsar da taga dama da fiksel 40.