Abin da kyandir ɗaya ba ya iya faɗa

Na ajiye aiki a kamfanin dillancin hannun jari da na yi shekaru a sashen bincikensa, kuma kafin maganar ta huce ina son in bar wa ƙannena da ke kan teburin nan abin da ya faru ranar da Oga ya ga siffar da ake kira guduma a zanen farashi.

Kyandir, wato zanen da ke nuna motsin farashin hannun jari, lambobi huɗu ne kawai, waɗanda kuke gani a kan allo da O, H, L, C: farashin da aka buɗe da shi, mafi tsada da aka kai, mafi araha da aka sauka, da wanda aka rufe da shi. Jikinsa tazara ce tsakanin buɗewa da rufewa, kore idan an rufe sama da inda aka fara, ja idan an rufe ƙasa. Lagwanin sama da na ƙasa suna nuna inda farashi ya leƙa amma bai kwana ba. 'Yan kasuwar shinkafa na Japan ake danganta asalin wannan zane da su, kuma kasuwa mai cike da masu saye da sayarwa ya fi dacewa da ita.

Wani hannun jari a kasuwar Legas ya yi ta gangarowa daga wajen naira 29 har ya rufe a 24.40. Washegari ya buɗe a 24.00, ya faɗi zuwa 22.10, ya taɓa 24.30, ya rufe a 24.20. Jiki kwabo 20 kacal, lagwanin ƙasa naira 1.90, na sama kwabo 10. A littafi wannan guduma ce cikakkiya: ta zo bayan faɗuwa, lagwaninta na ƙasa ya ninka jikin fiye da sau biyu, ma'ana masu sayarwa sun tura farashi ƙasa, masu saye suka dawo da shi. Oga ya gani ya ce in rubuta wa abokan cinikinmu su saya da safe.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a dubi sandar ciniki da ke ƙasan kyandirin." Hannun jarin da aka saba cinikin kusan miliyan uku nasa a rana, ranar bai kai dubu ɗari huɗu ba. Na buɗe kyandirorin minti goma sha biyar na wannan yinin. Tun safe farashi yake zamewa a hankali, ya daɗe a wajen 22.30, sai dab da tashin kasuwa ciniki biyu suka ɗaga shi. A lokacin ƙa'idar kasuwar ita ce ciniki na hannun jari dubu ɗari ya isa ya motsa farashi, don haka mutum guda mai 'yan miliyoyin naira zai iya zana guduma a hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba. Kyandirin yini ba ya nuna wannan, domin ba ya faɗin wanne ya riga zuwa tsakanin sama da ƙasa, ko tsawon lokacin da farashi ya zauna a kowanne, ko mutum nawa ne suka saya.

Na roƙi a jira kyandir na gaba ya rufe sama da 24.30. Na kuma yi masa lissafin cewa wanda ya saya a 24.20 dole ya sa iyakar asararsa ƙasa da 22.10, wato ya yarda da rasa kusan kashi 9 cikin ɗari tun kafin ya ga komai. Ya ce, "Malam, mu muka koya maka kallon allon nan. Rubuta."

Na rubuta, da sunana a ƙasan takardar kamar yadda aka saba. Washegari aka buɗe a 23.50, aka rufe a 22.00, ƙasa da bakin lagwanin, wanda ke nufin gudumar ta rushe gaba ɗaya. Da abokan ciniki suka fara kira, sai a taron Litinin aka ce sashen bincike ya yi gaggawa. Oga yana zaune, bai ce uffan ba. Har yau abin yana min ciwo, musamman saboda wani dattijo ɗan fansho da ya saya don ya ga sunana.

Daga ranar duk shawarar da na ba Oga da baki sai na bi ta da saƙo a rubuce, kuma ina ba ku shawara ku yi haka.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Idan kun ga kyandirori suna jere kusan babu lagwani, kowanne ya tashi ko ya faɗi da kashi 10, iyakar da kasuwar Legas ta sa wa motsin yini ce ta tsayar da su, ba ra'ayin 'yan kasuwa ba. Idan kuma farashi ya buɗe da giɓi ƙasa da rufewar jiya, ku duba ko ranar ce aka cire ribar da kamfani zai raba wa masu hannun jari kafin ku kira kowa ku ce ya sayar.