"A'a, ba wannan ba"

Aikin da aka ba ni shi ne in gyara wata manhajar kalanda da ma'aikata ke rubuta wa umarni da maganar yau da kullum, kamar "matsar da taron Laraba zuwa ƙarfe 4", ita kuma ta aiwatar. Mafi yawan lokuta tana cankar abin da ake nufi daidai. Matsalar tana inda ta canka ba daidai ba, domin mutumin da aka saɓa wa ba ya tsayawa bayani. Kalmomi huɗu yake jefowa, "a'a, ba wannan ba", ya naɗe hannu yana jira.

Da na zauna karanta hirarrakin da aka adana, wata guda ce ta tsaya min a rai. Wata ma'aikaciya ta rubuta wancan umarnin na taron Laraba. Tana da taruka biyu a ranar, na kasafi da na ma'aikata, kuma dukansu suna maimaituwa kowane mako, wato akwai su ranar 12 ga wata, akwai su ranar 19. Manhajar ta matsar da na kasafi na ranar 12. Matar ta ce a'a, ba wannan ba. Manhajar ta matsar da na kasafi na ranar 19. Ta sake cewa a'a, wannan karon da alamar motsin rai har uku. Daga nan hirar ta yanke. Na tabbata ta buɗe kalandar ta gyara da hannunta tana tsaki, kuma gyara biyu ta yi kafin ta kai ga wanda ya kawo ta, tunda mun ɓata mata taruka biyu da ba ta ce a taɓa ba.

Ni na rubuta dokar da ta jawo haka, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Irin wannan manhaja ba amsa ɗaya take fitarwa ba. Jerin fassarori take fitarwa, kowace da makinta, wanda masu sana'ar ke kira `n-best`. Dokata mai sauƙi ce: in an ƙi na farko, a ba da na biyu. A takarda ta yi kama da hankali. Ga jerin da aka samu a hirar matar:

```
0.46  kasafi     12  16:00
0.24  kasafi     19  16:00
0.19  maaikata   12  16:00
0.11  maaikata   19  16:00
```

Na daɗe ina kallon layukan nan kafin in ga abin da ke gabana. Canki ɗaya ba abu ɗaya ba ne, ƙulli ne na abubuwa da yawa: wane aiki, wane taro, wace rana, wane lokaci. "A'a" ta warware ƙullin gaba ɗaya, amma ba ta nuna zaren da ya lalace ba. Shi kuwa na biyu a jeri, sau da yawa ɗan'uwan na farko ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da abu guda kawai suka bambanta. In kuskuren yana cikin abin da suka yi tarayya a kai, to na biyun ma ya gaje shi.

Sai na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Cire layin farko, saura maki 0.54. Na biyu yana da 0.24 daga ciki, wato kusan kashi 44 cikin ɗari. Ke nan ko da makin gaskiya yake faɗa, yiwuwar in sake kuskure ta fi ta in dace. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na tara makin bisa taro: kasafi 0.24, ma'aikata 0.19 da 0.11, wato 0.30. Bayan matar ta ce a'a, rinjaye ya riga ya karkata ga taron ma'aikata, ni kuma na sa manhajar ta nace wa kasafi don kawai shi ke layi na biyu.

Gyaran da na yi shi ne, bayan "a'a" ta farko a daina canki, a yi tambaya guda, kuma tambayar ta kasance a kan ɓangaren da ya fi raba ragowar gida biyu daidai-wa-daida. A nan taro ya raba su 44 da 56, rana ta raba su 35 da 65, lokaci bai raba komai ba tunda duka ƙarfe 4 ne. Saboda haka saƙon da na tsara ya zama: "Na mayar da taron kasafi yadda yake. Wanne kike nufi, na ma'aikata ko na kasafi a wata ranar?" In ta ce na ma'aikata, saura layi biyu, 0.19 da 0.11, sai a miƙa mata na ranar 12 da kwanan watan a rubuce, a jira ta amince kafin a taɓa komai.

Wani abokin aikina ya so mu riƙa cewa "me kike nufi?" kawai, wai ya fi ladabi. Na gwada na ɗan lokaci. Abin da mutane ke yi shi ne su sake rubuta jimlar farko harafi da harafi, domin a wurinsu jimlar ba ta da aibi, su sun san taron da ke ransu. Jimla ɗaya kuwa jeri ɗaya take haifarwa, sai a koma gidan jiya. A manhajojin murya abin ya fi muni, don an daɗe da sanin cewa wanda ba a fahimta ba yakan ɗaga murya ya ja kalmomi, hakan kuma yana iya ƙara rikita na'urar da ke saurare. Tambaya mai zaɓi biyu ko uku tana nuna wa mutum inda ruɗanin yake, shi kuma da kalma ɗaya zai kashe maganar.

Akwai bincike sananne na masana nazarin hira, Schegloff da Jefferson da Sacks, da ya fito a 1977, wanda ya nuna cewa a hirar yau da kullum mutane sun fi barin mai magana ya gyara kuskurensa da kansa maimakon su gyara masa kai tsaye. Da na san wannan sai na daina jin haushin gajeriyar "a'a". Ba rowar magana ba ce. Matar ta nuna akwai matsala ne, ta bar mana fili mu gyara, kamar yadda za ta yi wa mutum.

Jimlar farko ta saƙon nan, "na mayar da taron kasafi yadda yake", ta fi tambayar kanta wahalar samu. A da, manhajar na matsar da taro sai sanarwa ta tafi ga duk mahalarta nan take. Ko an janye daga baya, mutum goma sun riga sun ga an ɗaga taronsu, sai kuma su ga an dawo da shi. Na sa aka riƙa riƙe sanarwar na daƙiƙa 30 bayan kowane canji da aka yi bisa canki, kuma in "a'a" ta shigo, abu na farko shi ne janyewa, kafin kowace tambaya. Dole kuma a faɗa wa mutum an janye. In ba a faɗa ba, hankalinsa yana kan ɓarnar da aka yi masa, ba zai karanta tambayar ba balle ya amsa. Ayyukan da ba su janyuwa, kamar share abu ɗungurungum, na cire su daga sahun canki, sai an tabbatar tukuna.

Sai jerin abubuwan da aka ƙi, wanda ake kira `skip list`. Amfaninsa kada a sake miƙa wa mutum abin da ya ce ba ya so. Sau biyu na yi tuntuɓe a kansa. Da farko na sa kowane ɓangare na cankin da aka ƙi a ciki, har da lokaci, sai manhajar ta koma guje wa ƙarfe 4, alhali shi kaɗai ne abin da matar ta faɗa ƙarara. Ƙullin ake ƙi, wato kasafi na ranar 12 zuwa ƙarfe 4 a haɗe, ba zarurrukan ɗaya-ɗaya ba. Na biyu, na manta in share jerin. Wani ya ƙi taro da safe, da yamma ya zo yana neman wannan taron da sunansa, manhajar ta yi kamar ba ta taɓa jin sa ba. Yanzu jerin yana mutuwa da zarar buƙatar ta kammala ko mutum ya kawo wata sabuwa.

Wani kuskuren ya ba ni dariya bayan ya gama ba ni takaici. Wasu sukan ɗan ƙara bayani, su ce "ba na kasafi ba". Wannan kyauta ce, sun nuna zaren da kansu. Amma sashen da ke neman sunayen taruka ya ga kalmar "kasafi" ya ƙara mata maki, bai kula da "ba" biyun da suka kewaye ta ba. Mutum ya ce ba kasafi ba, a kawo masa kasafi da ƙarfin gwiwa fiye da da. Tun daga nan duk saƙon da ya biyo bayan canki sai an fara duba shi a matsayin martani ga cankin, kafin a ɗauke shi sabon umarni.

Duk wannan lissafin yana da iyaka, kuma gara a san ta. Ya ginu ne a kan zaton cewa amsar tana cikin jerin. Wani lokaci ba ta ciki sam. Na ga hirar wani da ya ce "taron Laraba" alhali taron da yake nufi an riga an mayar da shi Alhamis, sunan ne kawai ya zauna masa a baki. Ko za a kwana ana raba jerin biyu ba za a same shi ba. Makin ma ba ya taimakawa a nan, don 0.46 yana auna fifiko ne tsakanin abubuwan da manhajar ta hango, bai san da wanda ba ta hango ba. Alamar da na dogara da ita ita ce "a'a" ta biyu, ko mutum ya ƙi zaɓi biyun da aka ba shi. A nan manhajar ke ajiye jerin gaba ɗaya, ta baje masa tarukan makon, Litinin zuwa Juma'a, kowanne da ranarsa da lokacinsa, ya taɓa wanda yake so da yatsa. Abokin aikin nan nawa ya ce wannan miƙa wuya ne, kuma bai yi ƙarya ba. Mun yi ta ja-in-ja a kan ko a bari sai "a'a" ta uku. Na buɗe masa hirar matar nan, na nuna masa inda ta tsaya, a ta biyu, muka bar shi a biyu.