Me fitilar waya za ta yi da saƙonninka?

Wata rana da dare an ɗauke wuta, ina neman makullin babur a tsakar gida, sai wani abokina ya turo min manhajar tocila daga wayarsa, ya ce ta fi ta cikin waya haske. Da na buɗe ta, tambayoyi suka yi ta fitowa, ni kuwa ina ta danna Allow don kawai haske ya zo. Ban karanta ko ɗaya ba.

Bayan kamar mako biyu na fara ganin canji. In na sa katin naira ɗari biyar, kafin gari ya waye ya ragu ba tare da na kira kowa ba. Wayar tana ɗaukar zafi a aljihu, kuma talla takan faɗo a kan allo ko ina tsakiyar rubuta saƙo. Wani ƙanena mai gyaran waya ya karɓa ya duba, ya juyo da allon ya ce, "Yaya, kai ka ba tocila izinin aika saƙo?" Ashe na ba ta SMS, Contacts, Location da Microphone, har da izinin fitowa a saman sauran manhajoji. Na ji kunya ƙwarai, don lambobin mahaifiyata da na abokan sana'ata duk suna cikin abin da na miƙa.

Ƙannena, ga abin da ban sani ba a lokacin. Android tana killace kowace manhaja a ɗakinta, ba za ta taɓa kyamara, lambobi, saƙonni ko wurin da kake ba sai ka buɗe mata ƙofa. Tun daga Android 6 da ta fito a 2015, dole manhaja ta tambaye ka a lokacin da take son abin, kuma kana iya danna Deny ko Don't allow. Sai dai izinin shiga intanet ba a tambayarka, kai tsaye take samu. Ke nan duk abin da ka yarda ta gani, tana da hanyar fitar da shi daga wayarka.

Tocila aikinta ɗaya ne, kunna ƙwan da ke bayan waya. A da takan nemi Camera saboda ƙwan na kyamara ne, amma tun Android 6 ana iya kunna shi ba tare da wannan izinin ba. Hasken kuwa daga ƙwan yake fitowa, babu manhajar da za ta canza maka ƙwan. Wadda ke cikin wayar, da ka jawo allo daga sama, ta wadatar. Wannan ba sabuwar matsala ba ce ma: a 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta tuhumi masu manhajar Brightest Flashlight Free da tura wa 'yan talla wurin da mutane suke ba tare da sun bayyana musu ba.

Wasan ludo ko na jera kwalaye ma haka. Makirfo yana da hujja ne kawai idan ana hira da murya a cikin wasan. Ban da wannan, babu ruwansa da Contacts, Call logs ko Location. SMS ya fi tayar min da hankali, domin ta nan banki yake turo lambar OTP, kuma manhajar da ke da wannan izinin tana iya karanta ta, tana iya aika saƙo da kuɗin katinka. Wanda ya fi shi haɗari shi ne Accessibility. An yi shi ne domin makafi da masu nakasa, yana ba manhaja damar karanta duk abin da ke allo, ta kuma danna maɓalli a madadinka. Wasan da ya ce sai ka kunna masa wannan, goge shi nan take.

Abin da ƙanena ya nuna min bai kai minti biyar ba. Shiga Settings, sai Apps, zaɓi manhajar, sai Permissions. Ko ka nemi Permission manager, ka buɗe SMS ka ga duk waɗanda ka ba. A Tecno, Infinix da Samsung wurin yakan ɗan bambanta, don haka rubuta sunan a akwatin bincike na Settings. Display over other apps yana ƙarƙashin Special app access, shi ya sa mutane ke tsallake shi. In wayarka Android 12 ce ko sama, koren ɗigo yakan bayyana a saman allo duk lokacin da ake amfani da kyamara ko makirfo.

Na goge tocilar a ranar, katina ya daina raguwa. Amma janye izini ba ya dawo da abin da aka riga aka kwasa, don haka washegari na canza lambar sirrin banki, na kuma kira mahaifiyata na ce in wani baƙo ya kira ta da sunana yana neman kuɗi, ta kashe wayar ta neme ni.