Bashin da ya tsallake kaka: yadda na binciki ƙiyasin wani kamfanin taki a Zariya

A aikin odita, kuɗin da ke banki ba ya ba mu wahala, domin takardar banki tana nan. Wahalar tana wajen lambobin da ba su da rasidi, waɗanda masu kamfani ke zama su ƙiyasta da kansu: nawa ne daga cikin bashin da muke bi ba zai dawo ba, kuma shekara nawa motocinmu za su yi suna aiki. A kan waɗannan biyun na fi daɗewa lokacin da aka tura mu binciken wani kamfani a Sabon Gari, mai sayar da taki da maganin feshi ga dillalai daga Giwa, Soba, Makarfi da Ikara.

Ranar 31 ga Disamba kamfanin yana bin dillalai naira miliyan 400. Akanta ya ware miliyan 12 a matsayin abin da ake zaton zai nutse, wato kashi 3 cikin ɗari. Da na tambaye shi daga ina kashi ukun ya fito, sai ya ce, "Malam, haka muka saba." Sabo ba hujja ba ne. Tun da ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya, IFRS 9, ta fara aiki a 2018, ba a jira sai mutum ya gudu kafin a rubuta asara. Ana duba abin da ya faru a baya, a haɗa da halin da ake ciki da wanda ake hange, a ƙiyasta asarar tun bashin yana da rai.

Na fara da waiwaye, kamar yadda ƙa'idar bincike ta ISA 540 ta nema. Bara suna bin miliyan 300, sun ware miliyan 9. Na bi dillalan nan ɗaya bayan ɗaya, na tarar abin da aka soke ko aka daina sa rai da shi ya kai miliyan 24, kashi 8 ke nan. Bara waccan ma ƙiyasin ya gaza abin da ya auku. Ƙiyasi yakan kuskure, wannan ba laifi ba ne. Amma mai kuskure da zuciya ɗaya, wata shekara ya zarce, wata ya gaza. Idan kullum gefe guda yake faɗawa, kuma gefen da ke ƙara riba ne, to akwai magana.

Inda aikin ya yi daɗi shi ne jadawalin shekarun bashi. Sun raba shi kamar yadda kowa ke yi: ƙasa da kwana 90, zuwa 180, zuwa shekara, sama da shekara. Wannan rabon bai dace da kasuwar taki ba. Dillali yana ɗaukar kaya a Mayu ko Yuni, shi ma ya ba manoma bashi, kuɗi ba ya juyowa sai an cire masara an kai kasuwa. Bashin wata shida a Disamba lafiyarsa lau. Wanda ake tsoro shi ne wanda kaka ta zo ta wuce ba a biya ba, domin manomi ya riga ya sayar da amfaninsa, kuɗin ya shiga biki da sauran hidima. Don haka na sake jera basussukan bisa yawan kakar da suka tsallake.

A nan na ci karo da wani dillali da littafi ya nuna bashinsa na miliyan 15 sabo ne, na watan Yuni. Na nemi takardar fitar kaya daga sito ta wannan ranar, mai sito ya buɗe littafinsa, buhunan da suka fita na miliyan 6 ne kacal. Sauran miliyan 9 tsohon bashi ne na daminar da ta gabata, aka rufe shi a littafi aka sake buɗe shi da sabuwar kwanan wata. An yi wa tsohon gini farar ƙasa, tsagar tana nan a ƙarƙashi. Wani kuma ya biya miliyan 5 ranar 28 ga Disamba, sai ga kamfanin ya mayar masa da daidai wannan adadi a makon farko na Janairu. Ba a ganin irin wannan sai an ɗauko takardar banki ta watannin bayan rufe shekara an bi shiga da fita duka, ba shiga kaɗai ba.

Wasiƙar da muke aika wa waɗanda ake bi bashi su tabbatar da adadi ba ta warware wannan. Mutum zai sa hannu cewa lallai ana bin sa, amma amsa bashi daban, iya biya daban.

Da na haɗa tarihin shekarun baya, da kuɗin da ya shigo daga Janairu zuwa Maris, da dillalan da na duba su kaɗai, lissafina ya nuna asarar tana tsakanin miliyan 28 da 36. Odita ba ya cewa lambarsa ce kaɗai gaskiya, iyaka yake shatawa. Abin da ya faɗo a waje shi ne kuskure, kuma ana auna shi daga bakin iyaka mafi kusa. Daga 12 zuwa 28, giɓin miliyan 16 ne aƙalla.

Sai motoci. Sun sayi manyan motoci na miliyan 240, suna rage darajarsu a kan shekara 5, miliyan 48 kowace shekara. Bayan shekara biyu saura miliyan 144 a littafi. A shekara ta uku sai aka mayar da rayuwarsu shekara 8, aka raba abin da ya saura a kan shekara 6, ragin ya koma miliyan 24. Riba ta ƙaru da miliyan 24 ba tare da an sayar da buhu ɗaya ba. Sauya ƙiyasi halas ne, ƙa'idar lissafin kadarori ta IAS 16 ma cewa ta yi a sake duba shi aƙalla ƙarshen kowace shekara. Abin tambaya shi ne mene ne ya canza game da motocin. Babu rahoton injiniya, ba a sauya inji ba. Rajistar kadarori ta nuna tsofaffin motocinsu duk an sayar da su suna shekara biyar ko shida, kuɗin gyara kuma yana tashi daga ta huɗu. Na zauna da shugaban direbobi a gareji, ya ce, "Oga, motar da ke shiga ƙauye da damina ɗauke da taki, in ta yi shida ta gode Allah."

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka ɗauke shi shi kaɗai, za a iya kare shi da baki. Da na jera su a takarda guda, kowanne da gefen da ya karkata, duk sama suka tura riba. A fayil ɗin wasiƙu kuma ga takardar neman sabunta rancen banki kafin damina. Wannan bai tabbatar da zamba ba, kuma ban rubuta haka ba. Sau da yawa mai kamfani ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa.

Haka Alhaji mai kamfanin yake. Da aka zo maganar ɗaya daga cikin dillalan, ya ce, "Malam Odita, mutumin nan tare muka yi aikin hajji, ba zai ci kuɗina ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ware kuɗin a littafi ba yafe bashin ba ne. Ka ci gaba da binsa, ranar da ya biya a mayar cikin riba." Wannan bayanin ne ya sassauta shi, domin a tunaninsa tanadin asara tamkar sanar da duniya ne cewa amininsa ya karye.

Aka tsaya a kan miliyan 30 na bashi, motoci kuma shekara 6, ragin bana ya zama miliyan 36. Ribar miliyan 70 da aka kawo mana ta sauko 40. A wasiƙarmu ga daraktoci mun rubuta yadda ƙiyasin ya karkata gefe guda, muka nemi a toshe hanyar sake wa tsohon bashi kwanan wata, kuma duk wani sauyi a rayuwar kadara ya zo da rahoton injiniya a rubuce kafin a shigar da shi littafi.